Takardar da Aka Sa wa Roba

Tun rasuwar mijinta Mai Ƙwai ta kafa wa kanta doka ɗaya: takarda in ta shigo hannunta, to ta shigo ke nan. Tana da dalili. A wancan lokacin ta tattara takardun aikin marigayin kaf ta kai wani ofis, wani mai fara'a ya karɓa da hannu biyu ya ce ta dawo sati mai zuwa. Ta yi ta dawowa har takalminta ya cinye. Daga ƙarshe aka ce mata, "Mama, ba mu ga komai ba. Ina shaidarki?" Shaidar kuwa ita ce ta miƙa musu da hannunta. Daga ranar, katin asibiti, rasit ɗin haya, takardar haihuwar yara, duk a cikin wata jakar leda suke a ƙasan akwatinta. Mai son gani ya gani a hannunta, ya karanta tana riƙe da gefe ɗaya.

Ita ba ta san bihim ba a karatu, kuma ba ta ɓoyewa. Abin da ta sani ƙwai ne. Rumfarta na bakin tasha, kiret bisa kiret, in ta ɗaga ƙwai ta kalli rana da shi za ta gaya maka ko na jiya ne ko na makon jiya. Bakinta kuma ba shi da birki. Direbobi kan ce gara ka taka ƙwanta da ka taka maganarta.

'Ya'yanta biyu suka rage mata, Babba da ke aure a wani gari mai nisa, sai Auta da ta haifa bayan ta fid da rai, wadda yanzu ke aji uku a sakandare. Ran nan aka bugo waya cewa za a yi wa Babba aiki a ciki, mijin kuma yana can wajen aikinsa ba za a sake shi ba. Mai Ƙwai ta ce ita za ta yi jinya, kuma da Auta za ta tafi.

"Inna, ana karatu fa," in ji Auta. "Gwaji ma ya kusa."

"Karatun zai gudu ne? In bar ki ke kaɗai a gidan haya, budurwa da ke?"

Wannan shi ne dalilin da ta faɗa. Akwai na biyu da ta haɗiye. Ta san babban asibiti, ko'ina rubutu, ƙofa rubutu, magani rubutu, a ce maka bi kibiya ka je ɗaki kaza. Ba tare da Auta ba makauniya ce da ido biyu.

"To sai an rubuta wa Shugaba wasiƙar neman izini," Auta ta ce. "Haka dokar take. Bari in rubuta ki dangwala."

"Da wannan rubutun naki kamar kaza ta yi tono? A kai wa shugabar makaranta? Ana ganinsa za a ce gidan ba manya. Na'ura za ta buga."

Washegari ta bar rumfa a hannun maƙwabciyarta ta tafi shagon mai buga takardu. Shago ne ƙarami, kwamfuta ɗaya, injin hoto ɗaya, fanka tana juyi kamar ba ta so. Mai shagon ya tambaye ta sunan yarinya, ajinta, ranar tafiya, ranar dawowa, da lambar waya. Ya yi ta ƙwanƙwasa, sannan ya karanta mata.

"Zuwa ga Shugabar Makaranta, ta hannun Malamin Aji Uku. Neman izinin tafiya. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mahaifiyar wannan ɗaliba ina roƙon a ba ta izinin rashin zuwa makaranta na tsawon mako biyu, domin za ta raka ni jinyar yayarta da za a yi wa aiki a asibiti. Na yi alkawarin za ta rama duk darasin da ya wuce ta. Ina fatan za a duba roƙona. Taki cikin girmamawa."

"Ni na ce duk wannan?"

"Haka ake cewa, Mama."

"To madalla, ashe na iya magana."

Ta dangwala yatsa a inda ya nuna. Takarda fara fes, layuka a jere kamar sojoji. Ta dube ta, ta tuna zufar mota da ruwan sama da hannun mutane, ta ce a yi mata laminatin, a rufe ta da roba.

Mai shagon ya ɗago kai. "Wannan? Ai ba a sa wa irin wannan roba. Ambulan kawai za ki..."

"Aljihunka ne zai yi ciwo ko nawa?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya zura ta a inji. Ta fito da ɗumi, tana sheƙi, da tauri kamar faranti.

Da safen ranar ƙarshe kafin tafiya, Auta ta sa kayan makaranta ta tsaya a bakin ƙofa.

"Inna, ba ni takardar in kai."

"Ki kai wa wa?"

"Malaminmu, shi kuma ya kai wa Shugaba."

"Su ba ki me?"

"Ba a ba da komai. Ajiyewa suke yi."

"Ajiyewa. Haka aka ajiye na ubanki." Ta ɗaure bakin jakar ledar. "Izini dai aka ce, ga shi an yi, da yatsana a jiki. Duk wanda ya tambaya, a hanya ko a makaranta, in nuna masa. Wuce kada ki makara."

Auta ta ɗauki jakarta ta fita. Wanda ya tashi a gidan ya san inda magana ke ƙarewa.

Tafiya ta yi kyau, aiki ya yi kyau. A asibiti Auta ce ido. Ita ke karanta allo, ita ke cewa wannan ƙwayar kafin abinci ce, waccan bayan abinci, ita ta gano tagar da ake karɓar sakamakon jini. Mai Ƙwai kuwa har matan da ke jinya a gadon kusa ta nuna wa takardar. "Ni ba na yin abu a karkace," ta ce musu. "Kafin in ɗauko ta sai da na yi mata izini." Matan suka shafa robar suka ce lallai.

Sun dawo ranar da wasiƙar ta ce za su dawo. Auta ta tafi makaranta, ta dawo da yamma ido ja, ta ajiye jaka ba sallama.

"Wa ya mutu?"

"An yi gwaji ba na nan. Duk an sa mini sifili. A rajista an rubuta ban zo ba, babu izini. Wanda ya nemi izini ake sake ba wa gwajin, ni ba za a ba ni ba." Ta share ido. "Makin nan ana haɗa shi da na jarrabawar ƙarshe, Inna. In babu shi maimaita aji zan yi."

Mai Ƙwai ta miƙe. Ta jawo akwati, ta ciro jakar leda.

Da safe ƙofar makaranta cike take, masu babur suna sauke yara, iyaye mata suna gyara wa ƙanana wuyan riga. Malamin aji uku na tsaye da rajista a hammata, wani siriri mai tabarau, yana kora ɗalibai ciki.

"Wannan ne?" ta tambayi Auta.

"Inna, don Allah..."

"Kai ne malamin? Kai ne mai rabon sifili?"

Ya juyo, ya ɗan rusuna. "Ina kwana, Mama. Mu shiga ofis mu..."

"Ba inda za ni. A nan za a yi ta, kowa ya ji. Don kun ga marainiya ce, uwarta mai tallan ƙwai? Da 'yar mai mota ce da ka bi ta har gida da gwajin a faranti. Ka sa gilashi ido huɗu, amma ba ka ga zalunci ba. Yaushe aka haife ka? Ina da kiret a rumfa da ya girme ka."

Masu babur suka kashe inji don su ji da kyau. Yara suka yi cirko-cirko. Wani ya yi dariya. Malamin ya cire tabarau ya goge da gefen riga, kunnuwansa kamar za su kama wuta.

"Mama, wasiƙa ba ta zo ba."

"Ba ta zo ba? To wannan mece ce, ganyen shayi?" Ta zaro takardar ta ɗaga sama, rana ta haska robar. "Ku duba, jama'a. Na'ura ta buga. Ga yatsana."

Wata mata da ke kusa, mai jakar ofis a kafaɗa, ta leƙa ta karanta saman. Ta dubi Mai Ƙwai, ta dubi Auta, ta ja hannun ɗanta ta wuce ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya ɗan taɓa Mai Ƙwai, amma fushi bai bar ta ta tsaya a kansa ba. Auta kuwa ta juya fuska ga katanga.

Shugabar makaranta ce ta aiko a shigo da su. Ofishinta ba girma, tebur, kabad na ƙarfe, agogon bango, kwalin alli a lungu. Ita kanta mace ce da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali, kusan sa'ar Mai Ƙwai ce. Ta ce a zauna. Mai Ƙwai ta ce a tsaye ta fi jin daɗi.

"Mu ga takardar."

Ta miƙa, amma ba ta saki gefenta ba. Shugaba ta karanta a haka, su biyu suna riƙe.

"Wasiƙa ta yi kyau. Babu abin da ya rage a cikinta. Da ta zo mini, a ranar zan sa hannu." Ta ɗago ido. "Baiwar Allah, kin san wa aka rubuta wa?"

"Izinin 'yata ne."

"Roƙon izini ne. Ni aka rubuta wa. Ga shi a sama, zuwa ga Shugabar Makaranta. Ke kika yi tambaya, ni ce mai amsawa. Ina ta kasance duk kwanakin nan?"

"A jakata."

"To kin yi sallama a cikin jakarki, kina jiran mu amsa daga nan."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ta shiga. Ta buɗe kabad ta ciro wani fayil ta nuna mata wasiƙun wasu iyaye, waɗansu ma a takardar da aka yago daga littafi. Kowace da hatimi da kwanan watan da aka karɓa, a ƙasa kuma rubutun Shugaba da jan biro. Daga nan, in ji ta, ake gaya wa malamin aji, shi kuma ya sa alama a rajista cewa da izini. Malamin ya yi magana a hankali daga bakin ƙofa: yarinyar ta gaya masa da baki za su yi tafiya, ya ce ta kawo a rubuce, ta ce an rubuta. Ya jira. Ya buga lambar da ke fayil ɗinta, ta marigayi ce, ba ta shiga.

Mai Ƙwai ta juya ga Auta. "Kin san haka ne?"

"Na gaya miki, Inna."

Ta gaya mata. A bakin ƙofa, da kayan makaranta a jiki. Mai Ƙwai ta lalubi kujerar da ta ƙi ɗazu ta zauna. Ta tuna matan asibiti suna shafa roba. Ta tuna mai shagon da ya fara magana ta datse shi. Ta tuna matar nan mai jakar ofis. Wato duk wanda ya iya karatu a ƙofar nan ya ga abin da ta ɗaga sama, ya gane, ita kaɗai ce ba ta gane ba. Da ƙasa za ta tsage da ta gode mata.

Ta saki gefen takardar.

"To ga ta, na kawo. Ki buga mata hatimin."

"Da kwanan watan yau zan buga, ba na wancan makon ba. Ba zan rubuta na karɓi abin da ban karɓa ba." Shugaba ta ƙwanƙwasa robar da farce. "Kuma ko na so, tawada ba ta zama a kan wannan. Kin rufe ta ruf, ba inda amsa za ta shiga."

Auta ta fara kuka marar sauti. Mai Ƙwai ta dubi hannuwanta.

"Malama, yarinyar nan ba ta yi laifi ba. Ni ce sakaryar. In sifili ne ni za a ba, ina da wurin ajiye shi."

"Akwai hanya ɗaya, ba kuma alkawari na yi miki ba. Ki rubuto wata wasiƙar, ki faɗi abin da ya faru, ki haɗa da shaidar asibiti. Ni da malamin aji da mai kula da jarrabawa za mu zauna a kai. In mun yarda, a sake mata gwaji." Ta dubi bakin ƙofa. "Sai dai malamin da za ki nema ya goyi bayanki, shi ne mai ido huɗun."

Malamin ya dubi silin.

"Bari in koma wajen mai na'ura," in ji Mai Ƙwai.

"Ba sai na'ura ba. Ga takarda, ga biro, ga mai rubutu a gefenki."

Aka ba su benci a baranda. Auta ta ɗora takarda a kan littafi, ta rubuta adireshi da kwanan wata da kan magana yadda aka koya musu, sannan ta jira.

"Rubuta. Ni ce na hana a kawo takarda."

"Inna, ana farawa da bayan gaisuwa."

"To gaishe ta, sannan ki rubuta. 'Yata ta ce a kawo, na ƙi, saboda an taɓa cinye mini takardu. Na zaci izini abu ne da ake riƙewa kamar katin asibiti. Rubuta kuma..." Ta tsaya, ta gyara mayafi. "Rubuta cewa na tafi da ita ne don ban iya karatu ba, ita ce ke karanta mini magani."

Biron ya tsaya. "Cewa kika yi don kada in zauna ni kaɗai."

"Da wannan da wancan. Rubuta, kada ki sa mini ido."

Auta ta rubuta. Mai Ƙwai ta leƙa. Rubutun bai yi kama da tonon kaza ba, amma ba ta faɗa ba. Ta ciro takardar sallamar Babba daga asibiti, wadda ta taho da ita a jakar leda don ba ta yarda da ajiyar Babba ba, aka yi mata hoto a injin ofis. Ta dangwala yatsa a wasiƙar. Da aka zo miƙawa hannunta ya ƙi. Shugaba ta lura, ta sa aka yi hoton wasiƙar ita ma, ta buga hatimi a kan duka biyun, ta miƙa mata ɗaya.

"Wannan taki ce. Shaidar cewa mun karɓa. Duk ofishin da kika kai takarda, ki nemi irin wannan."

Mai Ƙwai ta daɗe tana kallon hatimin, shuɗi, ɗanye. Shekara nawa, ba wanda ya taɓa gaya mata akwai haka. Fushin ya ɗan motsa daga inda ya kwanta.

"To ku ma da naku. Dokar nan a takarda kuka aiko ta, ga mutanen da ba su iya karanta takarda ba."

"An faɗa da baki a taron iyaye. Ba ki zo ba."

"Da safe kuke taro, lokacin da motar ƙwai ke sauke kaya."

"Na gaba da yamma ne. Zan duba ko kina nan."

Ba ta koma rumfa ba. Ta zauna a gindin katanga har aka tashi, ƙofa ta sake cika da masu babur da iyaye. Da malamin ya fito ta miƙe ta tare shi. Ya ja baya kaɗan.

"Tsaya, ɗana, ba cizo zan yi ba." Ta ɗaga murya yadda ta ɗaga da safe. "Jama'a, waɗanda suka ji na safe su ji na yanzu. Malamin nan bai yi mini komai ba. Ni ce na rubuta wa mutane wasiƙa na kai ta yawon asibiti. A nan na zage shi, a nan nake ba shi haƙuri."

Wani mai babur ya ce, "Mama, kiret ɗin da ya girme shi fa?"

"Kai kuma wa ya sa da kai? Kuɗin ƙwai biyu nake bin ka tun bara."

Aka yi dariya, har malamin. Ya ce ba komai, ya wuce, uwa ce. Ita dai ba ta yi dariya ba. A hanya Auta na gaba uwar na baya, Mai Ƙwai kuma ta bi ta bayan tasha don kada direbobi su gan ta.

Amsa ta zo kafin ƙarshen mako, da jan biro a ƙasan wasiƙar hannu. An yarda a sake wa Auta gwajin rubutu bayan an tashi daga makaranta. Na ɗakin kimiyya kuwa ba za a sake haɗa kaya don mutum ɗaya ba, wannan sifilin ya zauna. Malamin ya ce in ta dage a jarrabawar ƙarshe za ta haye.

Auta ta karanta wa uwar a tsakar ɗaki. Mai Ƙwai ta sa ta maimaita wajen sifilin da ya zauna.

"Wannan nawa ne, ni na jawo shi," ta ce. "Ɗauko littafinki. Daga yau ba ke ba wanke-wanke sai an gama jarrabawa."

Kwafin mai hatimi ya shiga jakar leda. Ta roba kuwa ba ta sami shiga ba. Tana rumfa, a ƙarƙashin kiret na ƙasa inda damshi ke taruwa, fuskarta a kife. Maƙwabciyarta ta taɓa tambaya wace takarda ce wannan mai kyau haka. Mai Ƙwai ta ce ta kula da tumatirinta.